Imel ɗin shagona ba a buɗewa, ku duba min sabjet ɗin nan dan Allah

Memuna Aboabo: Salamu alaikum yan uwa. Ina sayar da shadda da leshi da mayafai a Aboabo, kuma ina da lis na imel mutum 1,800, wasu nan Kumasi wasu Accra wasu yan uwanmu na London da Bronx da suke oda su biya ta momo ta hannun dangi. Duk wata ina tura saƙo ta Mailchimp, amma rifot yana nuna min 9% ne kawai suke buɗewa, da can yana kai 20 da wani abu. Sallah ta matso kuma kaya sun sauka, bana so wannan ma ya tafi a banza. Ga sabjet ɗin da nake sawa:

Assalamu alaikum kwastomominmu masu daraja, sabbin kaya sun iso!!!

Me zan gyara?

Awudu Asawase: Wa alaikumus salam Anti. Sa emoji kawai. Wuta biyu a gaba, sannan ki rubuta BONANZA da manyan baƙi. Mutane ido suke bi cale, ba karatu ba

Malam Fuseini Nima: Wa alaikumus salam Hajiya Memuna. Kafin a taɓa komai, ki tura wa kanki saƙon nan ki buɗe Gmail a waya, kar ki shiga cikin saƙon, ki tsaya a jerin saƙonni ki ɗauko min hoton abin da ya fito. Layi uku nake son gani: sunan mai turowa, sabjet, da ɗan rubutun nan mai toka-toka da ke ƙarƙashinsa. Kuma ki faɗa min a ina ya sauka, Primary ko Promotions ko Spam.

Memuna Aboabo: To Malam na yi. A Promotions ya sauka. Sama an rubuta info, ƙarƙashi kuma "Assalamu alaikum kwastomominmu masu..." sai ɗigo-ɗigo, na ƙasa kuma "View this email in your browser". Ni ban rubuta wannan na ƙarshen ba wallahi

Malam Fuseini Nima: Yauwa, abin da na zata ke nan. Ki duba da idon kwastoma: wani mai suna info ya yi mata sallama, sannan ya ce ta buɗe burauza. Babu sunanki, babu shadda, babu Sallah, babu farashi. Waya tana nuna wajen harafi 30 zuwa 40 ne na sabjet, ya danganta da faɗin wayar da girman rubutun da mutum ya saita, kuma na ƙirga gaisuwarki daga Assalamu har zuwa waƙafin bayan daraja, harafi 43 ce har da sarari. Wato maganar kaya da kika saka a ƙarshe, mai waya bai taɓa ganinta ba ko sau ɗaya, sai wanda ya buɗe a kwamfuta.

Shi kuma na ƙasan, shi ne firibiyu. In ba ki ba shi abin da zai nuna ba, Gmail ɗaukar rubutun farko da ya tarar a cikin saƙon yake yi, kuma a yawancin tamfilet rubutun farko shi ne wancan linkin na buɗewa a burauza. Fili ne kyauta da ya kai tsawon sabjet ko ya fi, kina barinsa ga abin da ba ya sayar da ko ɗankwali.

Alhaji Issaka: Malam Fuseini ban gane ba, kana cewa ta cire sallama? A ina aka taɓa shiga gidan mutum ba sallama. Mu ba haka aka rene mu a zango ba. Kasuwar da sai an yar da gaisuwa kafin a ci riba ni ban ga albarkarta ba.

Malam Fuseini Nima: Alhaji Allah ya ƙara girma, ba cirewa za ta yi ba, matsar da ita za ta yi. Sallama ta zauna a layin farko na cikin saƙon, inda mutum zai karanta ta cikakkiya, ba inda waya za ta yanke ta a tsakiya ba. Yaron turotoro a Kejetia "Tafo Tafo" yake kira, sai ka shiga ka zauna ake gaisawa, kuma babu wanda ya ce ba shi da tarbiyya.

Alhaji Issaka: Hmm. Ni dai in na ga saƙo ya fara da farashi sai in ɗauka yan damfara ne. Amma ku yara kun fi sani

Zenabu Madina: Alhaji kuma yana da gaskiya a wani wajen fa, mamana ma haka take. Amma Anti Memuna tsakani da Allah wa ke karanta imel yanzu? Ni turare nake sayarwa, sitatus na WhatsApp kawai nake sawa, kafin la'asar mutum ɗari biyu sun gani, imel kam tun da na gama makaranta sai in za a turo min kod nake leƙawa

Memuna Aboabo: Zenabu sitatus ina sawa nima kullum. Amma manyan odar da nake samu, masu ɗaukar anko na biki yadi ɗari, na waje ne kuma da yawansu ba su ajiye lambata ba, sitatus ba ya zuwa musu. Shi ya sa nake lallaɓa imel ɗin.

Malam Fuseini Nima: To mu yi aikin. A cikin kayan da suka iso wanne ne aka fi nema, nawa ne mafi arha, kuma akwai wata rana ta gaskiya da in ta wuce mutum ya yi asara? Ta gaskiya nake nufi, ba wadda za mu ƙirƙira ba.

Memuna Aboabo: Shadda ce, kala 12 na samu, yadi biyar daga sidi 450. Rana kuma telan da nake haɗa mutane da shi ya ce daga Juma'a mai zuwa ya rufe karɓar ɗinkin Sallah

Malam Fuseini Nima: Shi ke nan ai kin rubuta da kanki.

Sabjet: Shaddar Sallah ta iso, kala 12
Firibiyu: Yadi 5 daga sidi 450. Tela zai rufe karɓar ɗinki ran Juma'a.

Sabjet ɗin harafi 30 ne cif, zai fito duka a kusan kowace waya, kuma ko an yanke shi kalmomi biyun farko sun riga sun faɗi komai. Ki lura firibiyu bai maimaita sabjet ba, daga inda ya tsaya ya ɗora. Kuskuren da nake yawan gani ke nan, mutum ya rubuta sabbin kaya sun iso a sama, a ƙasa ya sake cewa ku zo ku ga sabbin kayanmu, ya cinye layi biyu da magana ɗaya. Farashin na sa shi gaba saboda wata wayar rabin layin kawai za ta nuna, to gara abin da ya rage ya zama kuɗin. Alamar motsin rai guda ukun nan kuma ki sauke su, ba sa ƙara komai.

Sai sunan mai turowa. Wannan ma ni a ganina ya fi sabjet nauyi, don shi ido ke fara sauka a kai kuma shi ne da baƙi mai kauri. A From name ki cire info ki sa sunan da kwastomomi suke kiranki da shi, misali Memuna mai shadda. Kuma in kin sa kar ki riƙa canzawa duk wata.

Awudu Asawase: Malam wannan ya yi sanyi da yawa. Babu abin da zai ja mutum. Ni akwai dabarar da nake yi, ina fara sabjet da Re: sai mutum ya ɗauka amsar saƙonsa ce, wallahi buɗewa tana tashi sosai. Abu ɗaya dai kar ta rubuta FREE ko kyauta, shi ke kai saƙo sifam kai tsaye

Malam Fuseini Nima: Awudu buɗewa za ta tashi a karo na farko, wannan ban musa ba. Amma wanda ya buɗe ya ga an yaudare shi me zai danna? Report spam. Kuma wannan shi Gmail ya fi dubawa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa, iyakar da Google ya sa ita ce kar ƙorafin sifam ya kai 0.3%. Dokar mafi tsanani ta masu tura 5,000 a rana ce, Hajiya ba ta kai nan ba, amma ka lissafa ka gani, 0.3% na 1,800 mutum biyar ne zuwa shida. Mutum shida masu jin haushi sun isa su ɓata maka suna. Ga kuma waɗanda ke Bronx, a Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta hana sabjet na yaudara.

Maganar FREE kuma rabinta gaskiya ce. Da can matatun sifam suna kama kalmomi sosai, yanzu sun fi duba tarihin mai turowa, ko mutane na buɗe saƙonsa, ko suna sharewa, ko suna kai ƙara. Kalma ɗaya ita kaɗai da wuya ta kai ka sifam, amma manyan baƙi da alamomi da yawa da lis ɗin da ba ya amsawa in suka haɗu, sai a hankali. Emoji ɗaya ba laifi ba ne in ya dace, sai dai kar ya zauna a madadin kalma don ba kowace na'ura ke nuna shi iri ɗaya ba.

Awudu Asawase: To ko sunan mutum a saka a sabjet ɗin, wannan kam ba yaudara ba ce. `*|FNAME|*` kawai za ta rubuta shi zai ciko sunan kowa

Memuna Aboabo: Kai Awudu rufa min asiri 😂 lis ɗin daga littafin shago yarinyata ta kwafe shi, yadda nake rubuta mutane haka ta shigar. Akwai "Hajiya mai bashi", akwai "matar direba Tafo", wasu ma babu suna sam

Zenabu Madina: 😂😂 Hajiya mai bashi, shaddar Sallah ta iso. Ai ranar sai an yi shari'a

Malam Fuseini Nima: Bar sunan tukun sai an tsabtace lis. Ko da an tsabtace ma, sunan yana cin harafi shida zuwa goma daga cikin talatin ɗin da muke tattali, kuma babbar mace a kira ta da sunanta tsirara ba Hajiya ba Anti, a wajenmu ba lallai ya yi daɗi ba.

Amma tunda kin ambaci littafin shago, mutanen nan sun san za ki riƙa turo musu talla?

Memuna Aboabo: Yawancinsu na tambaye su. Amma akwai wajen 400 da wani ɗan uwa ya ba ni daga wani taron biki da aka yi rajista, bara na zuba su

Malam Fuseini Nima: Kuma yaushe buɗewar ta fara sauka?

Memuna Aboabo: ...wajen lokacin ne fa

Malam Fuseini Nima: To kin ga ba sabjet kaɗai ba ne. Wanda bai san ki ba duk kyan da sabjet ya yi ba zai buɗe ba, kuma rashin buɗewarsu yana jawo wa sauran, don Gmail yana koyon cewa saƙonki ba a damu da shi ba. Ga Data Protection Act ta 2012, Act 843, ba ta yarda a yi wa mutum talla da bayanansa ba tare da yardarsa ba. Shawarata ki ware su. Amma lissafi bai cika ba, in da su kaɗai ne, 20% na 1,400 mutum 280 ne, a raba da 1,800 zai ba da wajen 15 da rabi, ba 9 ba. Akwai wani abu kuma.

Mutala Tek: Salam, na makara. Malam bari in ƙara wani abu, wataƙila shi ne sauran. Anti in kin buɗe saƙon a Gmail ki gangara can ƙasa, kina ganin "[Message clipped] View entire message"? Don hotuna in sun yi nauyi Gmail yanke saƙon yake

Memuna Aboabo: Eh yana nan! Ina zuba kaya da yawa, kowane leshi da hotonsa da bayaninsa da farashinsa, yana kai talatin

Malam Fuseini Nima: Mutala ka kama shi, sai dai ba nauyin hotunan ba ne, su daga wani waje ake jawo su. Kod ɗin HTML na saƙon ne in ya wuce 102KB Gmail ke yankewa, kuma kowane akwati na kaya da ta ƙara yana ƙara kod. Abin da ya sa ya shafe mu: yadda ake ƙirga buɗewa, wani ɗan hoto ne ƙanƙani da ido ba ya gani ake ɓoyewa a saƙon, in wayar mutum ta jawo shi sai a rubuta ya buɗe. Sau da yawa a ƙarshen saƙon yake zama. In an yanke ƙarshen, mutum zai iya karantawa har ya kira ki ya yi oda, rifot ya ce bai buɗe ba. Har linkin fita daga lis ma yana can ƙasa, wanda ya gaji bai gan shi ba sai ya danna sifam.

Ta ɗaya gefen kuma, tun Satumbar 2021 da Apple ya fito da Mail Privacy Protection a iOS 15, masu karanta imel da manhajar Mail ta iPhone in sun kunna shi ana jawo hoton ko ba su buɗe ba. Mutanenki na London da Bronx da yawa iPhone ne a hannunsu. Wato 9% ɗin nan wani gefen an rage miki, wani gefen an ƙara miki. Shi ya sa ni ba na yanke hukunci da buɗewa kaɗai, ina haɗawa da kilik da kuma waɗanda suka yi magana a WhatsApp.

Wannan karon shadda kawai za ki sa, kala 12 ɗin, da maɓalli ɗaya. Leshi ya jira nasa saƙon. Dama sabjet da ya ce shadda bai kamata a buɗe a tarar da kasuwa guda ba.

Memuna Aboabo: Na gyara, na rubuta firibiyu a akwatin Preview text na tura gwaji, amma har yanzu View this email ne ke fitowa. Ko sai na biya wani abu?

Mutala Tek: A'a. Tamfilet ɗin na cikin Mailchimp ne ko wani ya rubuta miki?

Memuna Aboabo: Ɗan yayata ne ya haɗa min

Mutala Tek: Shi ne. Wanda aka rubuta da hannu sai an saka masa tag ɗin. Ki ce ya sa wannan nan da nan bayan `<body>`, kafin komai:

```html
<div style="display:none;max-height:0;overflow:hidden;">*|MC_PREVIEW_TEXT|*</div>
```

A cikin saƙon ba za a gan shi ba amma a jerin inbos zai fito. In firibiyun gajere ne kuma wani rubutu yana biyo shi a baya, ya jera `‌ ` da yawa bayan tag ɗin cikin div ɗin don su cike filin. Ki gwada a Android da iPhone duka, da ƙ da ɗ ɗin nan ma ki tabbatar sun fito daidai ba akwati ba

Memuna Aboabo: Alhamdulillah ya fito. Sallamar ma na sa ta a layin farko na ciki, Alhaji ka ji

Alhaji Issaka: Na ji. Allah ya sa albarka. Amma da za ki gwada da sallamar a sama ma ki gani, kar a ce tsoho bai faɗa ba

Malam Fuseini Nima: Gwajin ma shi ne daidai Alhaji. Hajiya raba lis ɗin biyu, rabi su samu tsohon sabjet mai sallama, rabi sabon. Sunan mai turowa da firibiyu da abin ciki da lokacin turawa duk su zama iri ɗaya, sabjet kaɗai zai bambanta, in ba haka ba ba za mu san me ya yi aikin ba. In fulan ɗinki yana da A/B test ki yi da shi. In babu, a Excel ki ƙara layi ki sa `=RAND()` ki jera da shi ki yanke a tsakiya. Kar ki raba da tsofaffi da sababbi, ko na gida da na waje, don tsofaffin kwastomomi dama sun fi buɗewa. Kuma ki jira kwana biyu kafin ki duba, wani sai dare yake leƙa Promotions.

Memuna Aboabo: Na dawo da sakamako. 400 ɗin nan ban cire su ba tukun, na ce a gama Sallah, an dai gauraya su a duka ɓangarorin. Kowane ɓangare 900.
Mai sallama: buɗewa 99, kilik 14
Mai shadda: buɗewa 126, kilik 31
Kuma mutum tara sun yi min magana a WhatsApp, uku suna tambayar tela

Awudu Asawase: 11% da 14% ke nan. Duk wannan dogon turanci a kan maki uku? Da emoji na aka sa da an ga 25

Alhaji Issaka: To ai mai sallamar ma ya tashi daga 9 zuwa 11. Ashe ba ita ce matsalar ba

Malam Fuseini Nima: Alhaji a nan ka samu rabin gaskiya, tashin daga 9 zuwa 11 na sunan mai turowa ne da firibiyu da rage tsawon saƙon, ko ma don Sallah ce ta matso, ba za mu iya raba su ba tunda tare aka canza. Bambancin buɗewa tsakanin biyun mutum 27 ne, kuma a rukuni na 900 da buɗewa ke wajen 12%, bambancin da bai kai mutum 28 ko 30 ba sa'a kaɗai ma tana iya kawo shi. Yana bakin iyaka, ba zan rantse a kansa ba. Mailchimp da kansu suna ba da shawarar mutum 5,000 a kowane ɓangare, mu muna da 900. Kilik ɗin ne ya fi gamsar da ni, 31 da 14 ya wuce ninki biyu, kuma yana da dalili, wadda ta buɗe don ta ga shadda dama shadda take nema.

Ki maimaita irin gwajin a saƙon leshi da na bayan Sallah, in sau uku a jere mai sunan kaya ne a gaba sai mu yarda.

Zenabu Madina: Ni tambayata daban ce, yaran da aka haifa a London da yawa ba sa karanta Hausa sosai fa, kuma su ke yi wa iyayen oda. Ba gara sabjet ɗin ya zama da turanci ba?

Mutala Tek: Ko Hausa ga na gida turanci ga na waje

Malam Fuseini Nima: Zai iya yiwuwa, amma ni zan iya cewa akasin haka ma, a inbos da ke cike da tallan turanci layin Hausa shi zai fita daban. Na waje su nawa ne a lis ɗin Hajiya? In ba su kai ɗari uku ba gwaji ba zai nuna komai ba, gara ki tambayi manyan masu odar kai tsaye.

Memuna Aboabo: Ban ware su ba, sai na bi lambobin waya na ga masu +44 da +1. Zan sa yarinyar ta yi bayan Sallah, yanzu shago ya cika. Awudu na leshin zan sa maka emoji ɗaya a ɓangare guda mu gani, amma Re: ɗin nan kam a'a

Awudu Asawase: Wuta za ki sa Anti, ba fure ba